Yadda ake gano ainihin mai kamfani kafin a cike rajista a Saudiyya

Wani ɗan'uwa a Jidda ya kawo mini takardar masu hannun jarin kamfaninsu, ya ce in kwafe sunayen cikin rajistar da Ma'aikatar Kasuwanci ta wajabta tun watan Afrilun 2025. Na ce masa kwafe ba zai wadatar ba. Takardarsa tana nuna sunan da aka rubuta a kan jari ne kawai, kuma sunan kan iya zama na wani kamfani. Ita kuwa rajistar mutum take nema, ɗan Adam, wanda riba ke komawa aljihunsa ko wanda maganarsa ce ke yanke hukunci. Larabawa na kiransa almustafidul haƙiƙi.

Da farko ka ɗauko yarjejeniyar kafa kamfani, ka ware mutane daga kamfanoni. A tasu takardar, mutum biyu kowanne na da kashi 20 cikin ɗari, sauran kashi 60 na wani kamfani ne. Ma'aunin doka kashi 25 ne, don haka a ido babu mutumin da ya kai.

Sai ka shiga cikin kamfani na biyun, ka nemi tasa takardar. A nan aikin yake. Mun tarar mutum uku ne: mai kashi 50, mai 30 da mai 20. Kason kowa za ka auna a cikin 60 ɗin. Rabin 60 shi ne 30, ke nan na farkon ya haye ma'auni, alhali sunansa bai fito ko sau ɗaya a takardar farko ba. Na biyu ya tashi da 18, na uku da 12. Amma da muka gwada lambobin katin shaida, ashe na ukun shi ne ɗaya daga cikin masu kashi 20 na kai tsaye. In an haɗa, 32 ke nan, shi ma ya shiga. Da lamba ake gwadawa, domin rubutun suna yakan sauya tsakanin Larabci da boko.

Bayan lissafi, ka duba iko. Wa ke da hurumin naɗa manaja ko tsige shi? Ko kasonsa bai kai ba, za a rubuta shi. In an bi duk hanyoyin ba a samu kowa ba, manaja ko 'yan majalisar gudanarwa ake sakawa. Idan wani abu ya sauya, a sanar da ma'aikatar cikin kwana 15.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan'uwanmu da dukiya tasu ce amma sunan ɗan ƙasa ke kan takarda. Wannan tasattur ne, wato laifin ɓoye ainihin mai kasuwanci, hukuncinsa na kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Rajista ba ta halatta shi. Mai irin wannan hali ya fara ganin lauya kafin ya cike komai.