Yadda ake sa addini ko al'ada a maƙalar neman gurbin karatu ba tare da baje koli ko kukan wahala ba

Wanda zai karanta maƙalarka yana da tulin irinta a gabansa, kuma tambaya ɗaya yake nema wa amsa: wannan mutumin yaya yake tunani, me zai yi idan muka ba shi gurbi? Addininka da al'adarka suna taimaka masa ne kawai idan ta cikinsu ya hango ka. Akwai ramuka biyu da masu nema suka fi faɗawa. Na farko shi ne ka zama ɗan rakiyar masu yawon buɗe ido, kana nuna masa tufafi da bukukuwa da kalmomin da bai taɓa ji ba don ya yi mamaki. Na biyu shi ne ka mayar da gidanku kurkukun da ka tsere daga ciki don ya ji tausayinka. A duka biyun za a gama karatu ba a san kai wane ne ba.

Fara da duba abin da aka tambaya

Ba kowace maƙala ce ke da wurin wannan zance ba. A Common App, wanda jami'o'in Amurka da yawa ke karɓar nema ta cikinsa, maƙalar tana tsakanin kalma 250 zuwa 650, kuma tambaya ta farko a jerin ta gayyace ka kai tsaye ka yi magana a kan asali ko wani abu da ya zama jikinka har nemanka ba zai cika ba sai da shi. A UCAS kuwa, wanda ake neman jami'o'in Birtaniya ta cikinsa, haruffa 4,000 ne, kuma hankalinsu yana kan fannin da kake son karantawa, don haka addini ko al'ada ba za su shiga ba sai in su suka kai ka ga fannin. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na watan Yunin 2023, wanda ya hana jami'o'i fifita mai nema saboda launin fatarsa, an bar ƙofa ɗaya a buɗe: mutum na iya faɗin yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa, muddin an ɗaure zancen da halinsa ko iyawarsa shi kansa. Ma'ana, ko a inda aka fi maraba da batun, sunan ƙabila ko na addini shi kaɗai ba ya sayen komai.

Nemi aikin da ka yi, ka bar sunan da kake amsawa

Ɗauki takarda ka rubuta abubuwan da ka yi da hannunka ko da kanka a cikin wannan addini ko al'ada. Ka koyar? Ka sasanta? Ka yi wa wani tafinta? Ka riƙe lissafi? Ka yi gardama da wani babba, ko da kanka? Duk layin da ya fara da "mu mutane ne masu..." soke shi. Abin da kake nema shi ne layin da kai ne mai aikatawa a ciki.

A ɗauka wata ɗaliba ce mai son karanta lissafi, mahaifinta malami ne da ake kawo wa rabon gado. Daftarinta na farko ya buɗe kamar haka (da Hausa zan kawo misalan, ko da wane harshe za a rubuta ainihin maƙalar):

"Na taso a gida mai cike da ƙamshin tsofaffin littattafai da sautin karatu tun asuba, a cikin al'umma mai daɗaɗɗen tarihi da kyawawan al'adu masu ban sha'awa."

Jimla ce mai daɗin kunne, amma ɗalibai dubu za su iya sa hannu a ƙarƙashinta. Da aka ce ba ta yi ba, sai ta juya ɗaya gefen:

"A inda na fito, mace ba ta da murya. Duk da haka na yi yaƙi har na kai inda nake."

Wannan ma ba ita ba ce, domin mahaifin da ake shirin shafa wa kashin kaji shi ne ya fara ɗora ta a kan lissafin. Ta rubuta hakan ne don tana zaton abin da baƙo ke son ji ke nan. Mai karatu gogagge ya ga irin wannan jimla har ya gaji, kuma idan aka kira ta ganawa aka ce ta ba da misalin ranar da aka hana ta magana, za ta rasa ta cewa.

Abin da ke cikin jerin ayyukanta shi ne wannan: ita ce take zama gefen mahaifinta tana buga masa lissafin kaso idan magada sun zo.

Zaɓi rana ɗaya, ka tsaya a kanta

Nan ne yawancin aikin yake. Maimakon ta ba da labarin shekarun da ta yi tana wannan zama, sai ta ɗauki ranar da lissafi ya ƙi fita. Mace ta rasu ba ɗa ba jika, iyayenta ma sun riga ta, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, 'yan'uwan biyu suna da kashi biyu cikin uku. Duka rabon yana cikin Suratun Nisa'i. Ta ɗauki dukiyar a matsayin kaso 42. Rabin miji 21 ne, na 'yan'uwa 28, jimla 49. An rasa 7. Ta sake bugawa tana zaton ita ta yi kuskure, ya sake fitowa haka, domin 3 cikin 6 da 4 cikin 6 sun ba da 7 cikin 6.

Malaman gado suna da mafita da suke kira auli: a ɗaga asalin rabon daga 6 zuwa 7. Miji ya karɓi 3 cikin 7, wato 18, 'yan'uwan su karɓi 4 cikin 7, wato 24, kowace 12. Kowa ya rasa kashi ɗaya cikin bakwai na abin da ya sa rai, babu wanda aka ɗora wa asarar shi kaɗai. To ga yadda sakin layin ya koma:

"Na buga sau biyu, kason ya haura dukiyar. Na ɗago na ce wa Baba lissafin ya ɓaci. Bai karɓi biron ba. Ya ce, 'Idan bargo ya gaza mutum uku, wa za ki bari a waje?' Na yi shiru, sannan na sauya 6 ɗin ƙasa zuwa 7. Mijin marigayiyar ya duba takardar ya daɗe, ya tambaye ni ko an rage wa matan daidai yadda aka rage masa. Na nuna masa 21 ta koma 18, 28 ta koma 24. A daren nan na zauna ina neman duk wani haɗin magada da zai sa kaso ya haura ɗaya."

Dubi abin da ya faru. Addinin yana nan cikakke, ba a ɓoye shi ba, ba a kuma yi masa kwalliya ba. Mai karatu ya ga yarinya mai sake duba aikinta, mai iya yi wa babba da ke cikin jimami bayanin lamba, mai bin matsala bayan kowa ya tashi. Babu inda ta ce "ni mai ƙwazo ce", kuma ba ta buƙatar faɗa.

Bayani kaɗan, a daidai inda ake buƙatarsa

Wanda bai san addininka ba yana buƙatar abin da zai riƙe, amma kaɗan ne. Jimla ɗaya ta ishi ɗalibar nan: a shari'ar Musulunci an ƙayyade wa wasu magada kaso na dindindin, kuma wani lokaci kason yakan haura dukiyar. Shi ke nan, sai a koma ɗakin. A maƙala mai kalma 650, ni a ganina idan bayanin addini ko al'ada ya wuce kalma 100 to ya fara cin wurin mai nema. Kalmar asali ɗaya ko biyu sun isa, su ma sai waɗanda labarin ba zai tafi ba sai da su. Nan auli kaɗai ta cancanci zama.

Akwai wani jarabin kuma, na kawo tarihi don kare martabar gida. Gaskiya ne littafin aljabara na Alkhawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya ware babban sashe ga lissafin gado da wasiyya. Idan ta gano hakan da kanta kuma ya sa ta ci gaba da bincike, ta ba shi layi ɗaya. Idan kuwa ya zama sakin layi na "mu muka koya wa duniya lissafi", an bar maƙala an shiga muhawara da wanda bai tsokane ta ba. Haka ma wa'azi: ka faɗi abin da ka yi imani da shi da abin da ya sa ka aikata, kada ka nemi mai karatu ya yarda da shi.

Idan wahalar ta gaske ce fa?

Ba a ce ka ɓoye ba. Wanda aka tsangwama saboda suturarsa ko sunansa, ko ya rasa shekarar karatu saboda rikici, yana da haƙƙin faɗa. Abin lura shi ne yawa da kuma murya. Faɗe ta a jimla ɗaya ko biyu, yadda za ka faɗa wa likita abin da ke damunka: me ya faru, yaushe, me ya hana. Sauran wurin ka ba abin da ka yi bayan nan. Idan wahalar ta shafi sakamakon jarrabawa ne, Common App yana da gurbin ƙarin bayani daban da maƙalar, kuma can ya fi dacewa da ita. Sannan ka ɗora laifin a inda yake. Mutum ɗaya da ya zalunce ka ba shi ne addininku duka ba, ba shi ne kuma mutanenku duka ba.

Saɓani da gida ma yana da wuri, kuma sau da yawa shi ne ke da daɗin karantawa, in dai an bar wa ɗaya ɓangaren hujjarsa. Da mahaifin ɗalibar ya so ta karanci shari'a maimakon lissafi, sai ta kawo dalilinsa yadda shi da kansa zai yarda cewa haka ya ce.

Gwaji kafin ka tura

Ja layi ƙarƙashin kowace jimla da "mu" ko "su" ke aikata abin da ke cikinta, ka kuma zagaye wadda "ni" ke aikatawa. Idan masu layi sun rinjayi masu zagaye, ka rubuta rahoto ne a kan jama'arku. Bi kalmomin yabo irin su "mai ban sha'awa", "daɗaɗɗe", "na musamman", ka tambayi kanka ko za ka faɗe su ga ɗan gidanku. In ba za ka faɗa ba, don baƙo ka sa su, cire.

Daga nan ka ba mutum biyu su karanta. Na farko wanda bai san addininka ko al'adarka ba: ya rufe takardar ya faɗa maka abu uku game da kai. Idan duk ukun a kan mutanenku ne, ko kuma ya ce "Allah sarki", koma ka sake zaɓen ranar da za ka tsaya a kai. Na biyu ɗan gida, zai fi kyau wanda ka ambata a ciki. Shi ba ra'ayinsa a kan salo kake nema ba. Ka sa ido a fuskarsa, ka lura da layin da ya tsaya ya ce "ai ba haka aka yi ba", ka gyara wannan layin tun kafin ka taɓa waƙafi ko ƙidayar kalmomi.