Yadda za ka ƙi mitin ba tare da an ji haushinka ba

In aka turo maka gayyatar mitin a Google Calendar ko Outlook, kar ka danna No ko Decline haka kawai ka yi shiru.

Ka haɗa da ɗan saƙo, nawa kusan kullum haka yake:

"Ranka ya daɗe na gode da gayyata, a yi min afuwa ina kan rahoton da za mu miƙa Alhamis. Zan turo lissafin ɓangarenmu a rubuce kafin azahar gobe, in da tambaya a kira ni minti 5 ya isa."

Shi mai kiran mitin ɗin yawanci bayani yake nema, in ya ga rana da lokacin da zai samu, hankalinsa ya kwanta, kai kuma ka tsira da awa 1 ko 2, balle irin wanda ake cewa ƙarfe 10 a fara 11 saura.

Amma fa ka cika alkawarin, in azahar ta wuce ba ka turo ba, nan gaba ba mai karɓar uzurinka.

Inda ba ya aiki: in a wurin za a yanke hukunci kan kasafinku ko rabon aiki, ka je, don wanda ba ya nan shi ake jibga wa kaya. Haka in oga da kansa ya kira, fara samunsa a ofis ko ka buga masa waya tukuna.