Ga ƙannenmu sababbin shiga digirin intanet daga ƙauye: mako na huɗu ne ke kayar da mutum

Bana ma an samu sababbi daga garuruwanmu na wajen Ringim, Taura da Gumel da suka samu gurbin digiri a jami'o'in waje, irin waɗanda ake yi ta intanet mutum yana zaune a ɗakinsa. Abin farin ciki ne ƙwarai. Yaran da suka taso da allo da hadda ba sa tsoron karatu, kuma na ga yadda namu ke yin zarra in sun dage. Sai dai duk shekara labarin ɗaya ne: mutum ya sa takardar samun gurbi a WhatsApp, a yi ta masa barka, bayan wata biyu ka tambaye shi karatu ya ce “ai sai a hankali”. In ka ji wannan amsar, ya daina buɗe shafin makaranta.

Rajista, tura takardun sakandare da biyan kuɗi ba zan tsaya a kansu ba. Akwai wahala, amma kowa na gamawa, domin a lokacin zumuɗi na nan. Abin da nake so ku gane shi ne kun shiga makarantar wata ƙasa ne alhali ba ku bar garinku ba. Agogonta daban, dokokinta daban, kuma ba wanda zai aiko a tambayi lafiyarka don ba a gan ka a aji ba.

Mu fara da lissafin awoyi, don a nan ake yaudarar kai. A tsarin Amurka, kwas mai kiredit 3, wato ma'aunin nauyin kwas, ana ƙiyasta masa kimanin awa 9 a mako a zangon mako 15, wato wajen awa 135 gaba ɗaya. Jami'o'in intanet da yawa suna matse wannan aikin cikin mako 8. Raba 135 gida 8, za ka samu kusan awa 17 a mako, a kan kwas ɗaya tak. Wanda ya ɗauki biyu ya ɗora wa kansa awa 34, kusan aikin ma'aikacin gwamnati na mako guda. To kai da kake koyarwa a firamare da safe, kake zuwa gona da yamma, ranar Alhamis kuma kana kasuwar Maigatari, a ina za ka samo awa 34? Amma sabon shiga in ka ce ya fara da kwas ɗaya sai ya ga kamar ka raina masa ƙwaƙwalwa. Yana so ya gama da wuri. Masu wannan saurin su ne har yau ba su fita shekarar farko ba.

Awa 17 ɗin ma sai an yanka mata wuri a cikin yini, ba a barinta ga “in na samu sarari”. A ƙauye sarari ba ya zuwa. Yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi gaisuwar rasuwa a garin maƙwabta, kuma duk wanda ya gan ka zaune da waya a hannu ya ɗauka ba ka da aikin yi, sai ya aike ka. Tsarin da na ga yana ɗorewa shi ne awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba, kwana shida, ya ba ka 9. Awa ɗaya bayan isha'i, dare huɗu, ya zama 13. Sannan zama ɗaya mai tsawo na awa 4 ranar Asabar don rubuta babban aikin mako. Ka je ka durƙusa ka faɗa wa mahaifinka a fili: “Baba, daga bayan asuba zuwa bakwai da rabi ina makaranta, ko da kun gan ni a ɗaki.” Dattawanmu suna girmama karatu in an ba shi lokaci sananne. Abin da ba sa girmamawa shi ne danne-dannen waya dare da rana da sunan karatu. Ke ma ƙanwata mai aure, ki zauna da maigida, in gidan gandu ne har da surukarki, a san lokacin, don kada a ce boko ya sa kin fara raina mutane.

Batun sabis da caji kuwa, kada ka bari su zama hujja. Yawancin makarantun nan suna amfani da shafin darussa mai suna Moodle ko makamancinsa, kuma manhajar Moodle ta waya tana barin mutum ya sauke darussa ya karanta ba tare da data ba. Ranar da aka buɗe sabon mako, je inda sabis ke da ƙarfi, ka sauke komai, ka kai wayar wurin mai caji. Karatun asuba ba ya bukatar intanet. Turawa ce kawai ke bukata.

Turawar ma tana da tarko biyu. Na farko agogo. In makaranta ta ce a tura aiki kafin 11:59 na daren Lahadi agogon gabashin Amurka, a wajenmu 5:59 ne na asubar Litinin a lokacin sanyi. Amma daga Lahadi ta biyu a watan Maris suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya har zuwa farkon Nuwamba, sai wa'adin ya koma 4:59. Wanda ya saba tashi ƙarfe biyar ya tura kafin ya tafi masallaci zai tarar an rufe. Wasu makarantun ba sa canza agogo, don haka duba abin da taku ta rubuta. Ni dai shawarata, ka ɗauka wa'adinka magaribar ranar da ta gabata ce, saboda hadari na iya tasowa sabis ya ɗauke. Tarko na biyu, ɗora fayil ba shi ne turawa ba. In shafin ya nuna `Draft (not submitted)`, malami bai karɓa ba. Sai ka ga `Submitted for grading` sannan ka rufe waya.

Yanzu ga inda ya fi ciwo. Makon farko da na biyu aikin sauƙi ne, gabatar da kai da ɗan karatu. A na uku zuwa na huɗu ake fara neman rubutu mai tsawo, daidai lokacin da zumuɗi ya sauka. Sai ka rasa aiki ɗaya. Ba wanda ya kira ka, ba wanda ya yi faɗa. Sai kunya ta hana ka buɗe shafin maki, sannan ka daina buɗe imel ɗin makaranta gaba ɗaya don kada ka ga tunatarwa. Wannan ce alamar da ta fi kowace tabbata: in ka kwana uku kana kauce wa imel, ka fara zamewa, ko da kana gaya wa kanka cewa kana karanta littafi. Na san wannan kunyar da kaina, na ɗanɗana ta a daminar farko, kuma ba lalaci ba ne ke kawo ta.

Wani ƙanen abokina, malamin firamare, ya ɗauki kwas biyu a zangon da ya fara a watan Yuni. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, noman farko na gero ya haɗe masa da mako na huɗu. Ya riƙe kwas ɗaya da ƙyar, ya yi watsi da ɗayan, yana ganin tunda ya daina shiga ai sun san ya bari. Ba haka makaranta ke lissafi ba. Duk kwas ɗin da sunanka ke ciki, in ba ka cike takardar janyewa ba, sifili ake rubuta maka a kowane aiki, ƙarshe a ba ka F. Ya samu B a na farko, wato maki 3, da F a na biyu, wato 0. Haɗa ka raba biyu, GPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, ya zama 1.5. Mafi yawan jami'o'in Amurka suna bukatar aƙalla 2.0 ga ɗalibin digirin farko, don haka sai ga wasiƙar gargaɗi. Kafin ya koma 2.0 sai ya samo maki 5 a kwasa-kwasai biyu na gaba, misali B da C, ga kuma maimaita wanda ya faɗi, da sake biyan kuɗinsa.

Da ya zo wurina ransa a ɓace ya ce, “Yaya, ai da sun faɗa mini.” Na ce masa sun faɗa, yana cikin imel ɗin da ka ƙi buɗewa. Akwai ƙofa biyu da makaranta ke bari a buɗe. A farkon zango, galibi cikin makon farko, kana iya yin `Drop`, a cire kwas ɗin kamar ba ka taɓa ɗauka ba. Bayan nan akwai wa'adin `Withdraw`, inda za a rubuta maka W a takardar sakamako, kuma W ba ya shiga lissafin GPA. Da yaron nan ya janye a kan lokaci, da GPA ɗinsa 3.0 ne, ba 1.5 ba. Ranakun sun bambanta daga makaranta zuwa makaranta, wasu kuma suna ƙayyade yawan W da za ka tara, don haka tun ranar farko buɗe `Academic Calendar`, ka kwafe ranakun nan biyu a takarda ka manna a bangon ɗaki. Kuma ka ɗora kalandar makaranta a kan ta gona. Zangon da ya faɗo cikin Yuli da Agusta, ko lokacin girbi, ko azumi, kwas ɗaya ya ishe ka. In ba zai yiwu ba, nemi hutun zango a rubuce tun kafin a fara, kada ka ɓace kawai.

Saura batun mai duba ka. A tsangaya ba a wanke allo sai an biya wa malam, shi ya sa karatun ke tafiya ko almajiri na so ko ba ya so. Wannan ne digirin intanet ya rasa, kuma kai za ka samar wa kanka. Ba ina nufin zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu ba, inda ake ta turo barka da Juma'a. Mutum ɗaya ko biyu, wanda kake jin nauyinsa, ko da ba fanninku ɗaya ba, ko ɗalibin buɗaɗɗiyar jami'ar NOUN ne mai fama da TMA ɗinsa, wato ayyukan da ake ba su maki a cikin zango. Ku tsayar da rana da lokaci. Abin da za ka tura masa hoton shafin da ya nuna an tura aiki ne, domin “na yi karatu sosai” ba abin da za a iya dubawa ba ne. In lokaci ya wuce bai ga hoto ba, ya kira ka a waya, in gari ɗaya kuke ya taka har ƙofar gida ya yi sallama.

In kuma ka riga ka rasa mako guda ko biyu, kada ka tsaya rama na baya tukuna. Yi aikin wannan makon ka tura, sannan ka buɗe shafin maki ka duba kason da kowane aiki ke ɗauka, ka lissafa ko abin da ya rage zai kai ka makin tsallakewa. In zai kai, rubuta wa malamin layi uku: ga abin da ya faru, ga aikin da na rasa, ko za a karɓa a makare. Wasu suna karɓa su rage maki, wasu ba sa karɓa. In lissafin ya nuna ba zai kai ba, kuma wa'adin janyewa bai wuce ba, cike takardar a ranar, ka ajiye imel ɗin da ya tabbatar an karɓa.