Giyar babur a Birtaniya: firi da ke ɓuya da giya ta biyu da ke fita

Yawancin waɗanda ke iso mu a Mancesta, in suka yi wata biyu suna biyan kuɗin bas zuwa aikin dare, sai tunanin babur ya zo musu. Hanyar a buɗe take: lasisin koyo, horon CBT na yini guda wanda takardarsa ke aiki shekara 2, inshora, sai babur da bai wuce 125cc ba, da alamar L gaba da baya. Ba goyo, ba hawa babbar hanyar motoci. Daga nan sai mutum ya shiga neman na hannu, irin su Honda CB125F ko Yamaha YBR125, kuma a nan ne giyar babur ke cin kuɗin sabon zuwa.

Abu na farko ba lalacewa ba ne, sabo ne. Wanda ya tashi a kan roba-roba a Kano ko Maraɗi ƙafarsa ta san giya a jere: firi, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Baburan nan masu kuloci ba haka suke ba. Ɗaya tana ƙasa, biyu zuwa biyar suna sama, firi kuma yana maƙale tsakanin ɗaya da biyu, rabin taki kawai. In ka ɗaga da ƙarfi ka tsallake shi ka faɗa biyu, in ka taka da ƙarfi ka koma ɗaya. Kafin ka zargi babur, ka ba ƙafarka mako guda. Ka kuma sani cewa in ka sauke jakin gefe babur na cikin giya, injin zai mutu. Da gangan aka yi shi haka, ba wani abu ne ya lalace ba.

In mako ya wuce firi na nan yana wasan ɓuya da kai a danja, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Kashe injin, ka ɗan gangara babur gaba da baya, ka nemi firi. In ya shiga cikin sauƙi injin a kashe, amma ya ƙi injin na aiki, to akwatin giya lafiyarsa lau, kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya. Ko ka matse hannun har ƙarshe, faifan da ke ciki suna ɗan jan juna, ƙarfin injin na ci gaba da danne haƙoran giya, don haka sai ka sa ƙarfi kafin ta motsa, ƙarfin nan kuwa shi ke wuce da kai firi. Wata alamar ita ce ka sa ɗaya, kuloci a matse, ka ji babur na neman rarrafawa gaba.

Mafi yawan lokaci wayar kuloci ce ta saki. A irin waɗannan ƙananan babura, wasan da ke bakin hannun kuloci, wato yadda yake motsi kafin ka ji ya fara jan waya, yakan kasance milimita 10 zuwa 20, amma ka duba littafin naka. In ya zarce haka, akwai abin juyawa a gindin hannun: sassauta notin da ya kulle shi, juya shi waje har wasan ya ragu, ka sake kullewa. Kada kuma zumuɗi ya sa ka cinye wasan duka. Wayar da ba ta da wasa ko kaɗan tana hana kuloci kamawa sosai, ka ba da wuta injin ya yi ta ihu babur bai ƙara gudu ba, faifan su ƙone a banza.

Sanyin ƙasar nan ma yana da hannu. Injin da akwatin giya da kuloci duk baƙin mai ɗaya suke sha, kusan lita guda. Da asubar Janairu man ya yi kauri, faifan sun manne, giyar farko ta shiga da ƙara kamar an buga guduma. In abin ya lafa bayan tafiyar minti 10, babu damuwa. In kuwa sai injin ya yi zafi matsalar ke ƙaruwa, wannan ya fi kama da faifan ƙarfe da suka lanƙwashe, ko kwandon kuloci da ya yi tsaga-tsaga yana riƙe faifan. Wajen sayen mai ka nemi rubutun JASO MA ko MA2 a jikin roba, da kaurin da littafi ya ce, 10W-30 ko 10W-40. Man mota da ke arha a babban kanti yana iya sa kuloci santsi. A gida muna juye duk wanda aka miƙo mana a bakin titi, a nan kuwa aikin gyara ya fi man tsada nesa ba kusa ba.

Bari in ba da labarin wani ƙanenmu da ya zo bara, don a jikin babur ɗinsa aka ga kusan komai. Ya sayi ɗan 125 a hannun wani mutum da ya sa talla a intanet, ya kawo mini ranar Lahadi yana cewa, "Yaya, firi ba ya samuwa, kuma giya ta biyu tana tofar da ni." Muka fara daga waje. Wasan kuloci ya haura milimita 30. Sarƙa ta saki har kusan 50, alhali takardar da ke manne a jikin babur ɗin ta ce 20 zuwa 30, ga tsatsar gishirin da ake watsawa a titi lokacin hunturu. Sarƙa mai lilo tana fizgar giya duk sanda ka saki wuta ko ka ƙara, canji ya riƙa zuwa da gargada. Sai sandar giya kanta: notin da ke matse ta a kan sandar da ta shiga injin ya sassauta, ƙananan haƙoran wurin sun fara cinyewa, rabin takun ƙafarsa a iska yake tafiya. Muka ɗaure, muka ɗaga sandar sama da haƙori ɗaya don ta dace da takalmin aikinsa mai kaurin baki. Cikin awa guda firi ya dawo, ko fam ɗaya bai kashe ba.

Giya ta biyu kuwa ba ta ji magani ba. Muka hau wata 'yar gangara, na sa biyu na ba da wuta sosai, sai ta fita, injin ya yi kuka a banza, ta sake cafkewa da ƙara. Sauran giyoyin ba su yi haka ba.

Don a gane abin da wannan ke nufi sai an san abin da ke bayan murfi. Idan ka taka, sandar tana juya wani ƙugiya, ƙugiyar ta ja wata ganga mai kwaroro a jikinta ta juya taki ɗaya. Cikin kwaroron akwai wasu ƙarafa masu yatsu biyu, su ke tura giya hagu ko dama. Giyoyin kullum a haɗe suke da juna, abin da ke kulle wadda ka zaɓa wasu 'yan ƙusoshi ne a gefenta da ke shiga ramukan maƙwabciyarta. A ƙarshen gangar kuma akwai wani ƙarfe mai siffar tauraro, da ɗan hannu mai taya da sifirin yana danne shi, shi ke riƙe gangar a inda ka ajiye ta. Ramin firi a jikin tauraron nan ƙarami ne, shi ya sa ko a lafiyayyen babur sai da lallami.

To in giyoyi da yawa ne ke zamewa, ko ka riƙa faɗawa wani firin ƙarya tsakanin huɗu da biyar, ko takun ya zama laɓo-laɓo babu wannan ƙas ɗin da ake ji, zargi na kan tauraron da sifirinsa. In sandar ba ta dawowa tsakiya bayan ka taka, ko dai sifirin da ke mayar da ita ya karye, ko sandar ta lanƙwashe saboda babur ya taɓa faɗuwa ta hagu. Waɗannan duk a yawancin ƙananan injuna ana kai musu ta murfin dama, bayan an cire kuloci, injin na kan babur. Aiki ne mai sauƙin kuɗi.

Amma giya guda tak da ke fita, kuma sai an ba da wuta, wannan ƙusoshin nan ne suka goge. Bakinsu da ya kamata ya zama mai kaifi ya zama kumburarre, ƙarfin injin na turo su waje maimakon ya riƙe su. Ta biyu ce ta fi shan wannan wahala domin daga ɗaya zuwa biyu sai an ratsa firi, tafiyar ta fi tsawo, ɗan koyo kuma yakan ɗaga da sanyin jiki ƙusoshin su riƙa karo baki da baki. Baburan 125 kuwa daga hannun ɗan koyo suke zuwa hannun ɗan koyo. Duk fita ɗaya tana ƙara goge su, tana kuma murɗa ƙarfen mai yatsu har ya lanƙwashe. Da muka juye man yaron nan a roba muka haska da tocila, sai ƙyalli yake da 'yan ɓarɓashin ƙarfe. Gyaran wannan sai an sauke injin an raba shi biyu, gareji a nan kuma da awa suke lissafi, don haka kuɗin aikin na iya kusantar kuɗin babur ɗin.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya saya da sabuwar takardar MOT, yana ganin ta wanke babur. Gwajin MOT na duba birki, fitilu, tayoyi, sarƙa da makamantansu, amma ba ya duba lafiyar injin ko kuloci ko akwatin giya. Da a wurin dila ya saya, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar da abin da ya zo da aibi. A hannun mutum kuwa, in dai bai yi maka ƙarya a bayaninsa ba, yadda ka gani haka ka saya.

Saboda haka ranar dubawa ka roƙi mai shi kada ya tayar da injin kafin ka iso, ka taɓa ka ji da sanyinsa. Dubi bakin sandar giya da ƙarshen hannun kuloci ko akwai gogar faɗuwa. Nemi firi injin a kashe, ka sake nema yana aiki, ka kuma sake bayan ya yi zafi. In inshorarka ta ba ka damar hawa, sa biyu a ƙaramin gudu ka buɗe wuta sosai, ka saki, ka sake buɗewa, sau uku ko huɗu, sannan ka yi wa uku haka. In ba za ka iya hawa ba, ka ce shi ya yi a gabanka kana saurare. Mai babur da ya riƙa tsallakewa daga ɗaya ya yi sauri ya faɗa uku, akwai abin da yake ɓoyewa.

Ƙanen namu ya lallaɓa nasa wata biyu, yana shiga biyu da cikakken taki, ba ya matsa mata, yana wucewa uku da wuri. Na hana shi danne sandar da ƙafa don riƙe giyar, domin wannan ke ƙarasa ƙarfen mai yatsu, giyar da ta fita ta sake cafkewa a tsakiyar shataletale cikin ruwan sama kuma tana iya zamar da tayar baya. Daga baya ya samo injin na hannu a wurin masu ɓare babura, muka ɗora a ƙarshen mako. Lambar injin ta canza, sai ya aika wa hukumar rajistar ababen hawa ta DVLA takardar rajistar babur ɗin, wato V5C, aka gyara, ya kuma kira masu inshora ya shaida musu.