Sayen Hannun Jari Don Cafke Rabon Riba: Lissafin da Ake Mantawa

Idan kamfanin da ke Kasuwar Hannun Jari ta Najeriya, wato NGX, ya sanar da cewa zai raba riba, yakan sa ranar cancanta, kuma duk wanda sunansa ke cikin rajistar masu hannun jari a ƙarshen wannan rana shi ne zai samu rabon. Daga nan ne wasu suke ƙulla wata dabara: su sayi hannun jarin ana gab da ranar, su shiga rajista, sannan su sayar da shi da zarar an rufe, da tunanin cewa sun ci riba ba tare da kuɗinsu ya daɗe a kasuwa ba.

Abin da ke rushe dabarar shi ne cewa kuɗin da ake rabawa daga asusun kamfanin yake fitowa, saboda haka dukiyar kamfanin takan ragu da daidai abin da aka raba. Wanda ya sayi akuya da ɗanta ba zai mayar da ita kasuwa ita kaɗai ya ce a ba shi kuɗin da ya biya ba. A NGX ma ba a jiran masu ciniki su yi wannan lissafi, domin kasuwar da kanta takan rage farashin hannun jarin da adadin rabon a ranar da mai saye ya daina cancanta, kuma daga sabon farashin ne ciniki ke buɗewa.

Mu ɗauki misalin wanda ya sayi hannun jari 10,000 a kan naira 50 kowanne, wato naira 500,000, a kamfanin da zai raba naira 3 a kan kowane ɗaya. Rabonsa a takarda naira 30,000 ne, amma ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari tun kafin kuɗin ya iso gare shi, don haka naira 27,000 ce za ta shiga asusunsa na banki. Farashi kuwa ya koma naira 47, kuma idan ya sayar a haka zai samu naira 470,000. Ya rasa 30,000 ke nan a farashi ya karɓi 27,000 a rabo, tun ba a zo maganar dillali ba.

Ciniki ba kyauta ake yin sa ba. Akwai la'adar dillali, da kuɗaɗen SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, da na NGX, da na CSCS, kamfanin da ke ajiye hannun jari da kammala ciniki, da kuɗin hatimi, da harajin VAT a kan la'ada. Adadin yakan bambanta daga dillali zuwa dillali, amma mu ƙiyasta kashi 2 cikin ɗari a saye da kashi 2 a sayarwa. Saye ya ci naira 10,000, sayarwa ta ci 9,400. Idan aka haɗa da giɓin 3,000 na farko, mutumin ya fita da asarar naira 22,400 a cinikin da ya shiga yana hangen 30,000.

Masu kare dabarar sukan ce ai farashi yana farfaɗowa, kuma gaskiya ne wani lokaci yakan farfaɗo. Sai dai a duba irin farfaɗowar da ake bukata. A misalinmu, kafin mutumin ya mayar da uwar kuɗinsa kawai, sai ya sayar a kan kusan naira 49 da kwabo 30, wato sai farashin ya dawo da naira 2 da kwabo 30 daga cikin naira 3 da aka rage. Babu wanda zai lamunce masa hakan cikin kwana biyu ko mako biyu, kuma idan ya zauna yana jira, ya koma mai riƙe da hannun jari, yana fuskantar duk hawa da saukar kasuwa da ya so ya kauce wa. Ƙari a kan haka, sanarwar rabo ba asiri ba ce, kowa ya ji ta, don haka sau da yawa farashi ya riga ya ɗaga kafin ya saya, kuma ranar da yake son sayarwa ita ce ranar da masu irin tunaninsa suke tururuwar sayarwa. Rabon kansa ma ba nan take ake biya ba, domin na ƙarshen shekara sai babban taron masu hannun jari ya amince da shi tukuna.

Kafin ka bai wa dillalinka umarnin saye, ka nemi ya rubuta maka jimillar abin da za a cire a saye da a sayarwa, ka haɗa da kashi 10 na rabon, sannan ka raba jimillar da yawan hannun jarin. Abin da ya fito shi ne kusan yadda farashi zai tashi daga inda aka rage shi kafin ka fita ba riba ba asara. A misalinmu, 22,400 a raba da 10,000 ya ba da naira 2 da kwabo 24, da ɗan ƙari saboda la'adar sayarwa tana ƙaruwa idan farashi ya tashi.