Sirrin masar shinkafa mai laushi

Wata ta yi tambaya kan masa da yadda ake yin ta da laushi, don rubutunta na girke-girke. Ga amsa: a Kano an fi ce mata waina, a Bauchi da Jos kuma masa ake cewa, kuma Bauchi ce ta fi shahara da ita. Da gero ko masara ma ana yi, amma ta shinkafa ce ta biki.

Ki ɗauki shinkafar tuwo gwangwani huɗu, ba 'yar gwamnati ba, don wadda aka turara ba ta kama jiki. Ki jiƙa gwangwani uku su kwana, na huɗun ki dafa shi ya yi luguf, ya huce. Ki haɗa su a kai markaɗe da albasa guda. Wannan dafaffiyar ita ce laushin masa. In babu ita, sai ta fito da tauri.

Ki zuba yis ƙaramin cokali biyu da sukari kaɗan, ki rufe a wuri mai ɗumi kamar awa uku, har ki ga ƙullin yana kumfa. In ya yi tsami, ki ɗiga ruwan kanwa, amma kaɗan, don in ta yi yawa masar za ta yi rawaya da ɗaci. Kaurin ƙullin kamar na koko mai kauri.

Wajen suya ake ɓata ta. Tanda ta yi zafi tukuna, sannan ki rage wuta. In wuta ta yi yawa, waje ya ƙone, ciki ɗanyen ƙulli. Kada ki juya sai gefen ya bushe ya yi ja, saman ya yi huji-huji. Miyar taushe ce abokiyarta.