Yadda na sa banki ya mayar da kuɗin da ya cire a asusun kamfaninmu

Ina daidaita lissafin ƙarshen wata sai na ci karo da wata cira a bayanin asusu, wai kuɗin inshorar kaya. Ba mu taɓa sayen wannan inshora ba. Da na duba baya, ashe wata uku ke nan ana cire adadi ɗaya a rana ɗaya.

Kuskurena na farko shi ne kiran waya. Sau biyu ana ce mini "ana dubawa", ba lamba, ba shaida. Sai na rubuta takardar ƙorafi a kan takardar kamfani mai tambari. Na sa lambar asusu, sannan kowace cira da kwanan watanta, adadinta da lambar shaidarta. Na bar faɗa, na nemi abu uku kawai: su nuna takardar izinin da muka sa wa hannu, in babu su mayar da kuɗin, su kuma soke umarnin cirar don kada ya maimaitu.

Abin da ya kusa kayar da ni shi ne sa hannu. Asusunmu na mutum biyu ne, ni kaɗai na sa, aka ƙi karɓa. Da abokin aikina ya sa nasa, na kai kwafi biyu, aka buga hatimin karɓa a nawa, aka ba ni lambar ƙorafi.

Izini dai ba su samo ba. An mayar da cira biyu, ta ukun kuwa sai da na sake rubutawa da lambar nan kafin ta shigo.